Lamba ta Biyu a Asusun Yusha'u

Duk wanda ya taɓa sayen sukari a shagon Yusha'u da ke Kurmin Mashi ya san mutumin ba ya cuta, kuma ba ya ƙari. Zai cika maka gwangwani daidai bakinsa, ya sa yatsa ya share abin da ya yi tozo ya mayar cikin buhu, yana yi yana tambayarka lafiyar iyali. Mutanen layin suna tsokanarsa cewa ko ƙuda ya sauka a kan sukarinsa sai ya karkaɗe masa ƙafa kafin ya tashi. Shi kuwa ba ya jin haushi, yabo ma yake ɗaukar maganar.

Ba haka ya zo Kaduna ba. Daga Malumfashi ya taho yana saurayi, da riga biyu a leda, ya sauka a Abakpa gidan yayarsa Ladidi, wadda ke auren wani direban ma'aikatar gwamnati mai suna Kabir. Shekara shida yana kwana a zaurensu, da rana yana tallan batir da tocila a tashar Mando. Da Allah ya yi wa Kabir rasuwa aka sha wahala aka karɓo haƙƙinsa, Ladidi ta ware dubu ɗari uku da hamsin daga nata kason ta damƙa wa ƙanenta, ta ce ya kama shago ya daina bin motoci a rana. Ya kama. Cikin shekara uku ya mayar mata da kuɗinta cif, ya haɗa da turmin atamfa. Tun daga ranar, a zuciyarsa, ya ɗauka an rufe wannan babin. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya uku, shago ya cika har ana jera katan a waje. Abakpa da Kurmin Mashi ba nisa, kuɗin Keke mai ƙafa uku ɗaya ne, amma zuwansa gidan Ladidi ya koma daga sallah sai sallah.

Wata Talata da hantsi sai ga ta a shagon. Ta zo a hankali, tana laluben bakin kwata da ƙafa, don yanar ido ta rufe mata na dama, na hagun ma ya fara bi. Ya shimfiɗa mata buhu a kan benci, ya buɗe mata ruwan leda. Suka gaisa, ta tambayi Bara'atu matarsa da yara ɗaya bayan ɗaya, sai can ta kawo abin da ke tafe da ita. Likita ya ce aiki za a yi, dubu ɗari da ashirin. Ta haɗa arba'in.

A ranar akwai abin da ya haura dubu ɗari shida a asusun Yusha'u. Sai dai kuɗin suna da suna: firiza yake so ya saya da sola, don mai shagon ƙarshen layi ya sa, kuma duk masu sayen lemo sun koma can.

"Wallahi Yaya, kasuwa ta mutu," ya ce. "Kayan nan da kike gani duk na mutane ne. Asusun nan in kika leƙa sai kin tausaya mini. Ki bari zuwa bayan sallah mu gani."

"To, Auta," ta ce, don haka take kiransa. "Allah shi kawo kasuwa."

Ba ta tashi nan take ba, ta ɗan zauna tana hutawa. Masu saye suna ta zuwa, kuma tun lokacin ƙarancin takardun kuɗi yawancinsu ba sa riƙe tsaba, sai dai su kalli kwalin da ya rubuta lambar asusu su tura. Wayarsa ta yi ta ƙara a aljihu. Tata ma, wata 'yar ƙarama mai madannai da ke cikin jaka, ta yi ta ƙara. Har ya tsokane ta.

"Yaya, wayarki ta fi tawa kasuwa."

Ta yi murmushi kawai. Da za ta tafi ya ƙulla mata sukari da ganyen shayi, ya ba ta dubu ɗaya kuɗin mota, ya ji a ransa ya yi abin kirki.

Bayan sati uku, ranar wata Laraba da azahar, kasuwa ta yi sanyi, yana zaune yana duba saƙonnin banki sai idonsa ya faɗa kan wani da bai saba tsayawa a kansa ba. An cire naira dubu uku da ɗari bakwai da ashirin, kuɗin saƙonnin sanarwa na wata. Ya san ana cirewa, kowa ya sani. Da can 'yan ɗaruruwa ne, ba ya ko kallo. Amma wannan ya kusa ribar katan biyu na taliya.

Ya leƙa wurin maƙwabcinsa Shehu tela, wanda banki ɗaya suke.

"Nawa suke cire maka na saƙo?"

"Naira shida kowane ɗaya, tun da suka ƙara. Da huɗu ne," in ji Shehu, bai ɗaga kai daga keken ɗinki ba. "Kai dai ka ƙirga saƙonninka."

Da wani ne, da ya yi tsaki ya wuce. Yusha'u kuwa ya ɗauko biro da bayan kwalin sabulu, ya zauna ya bi saƙonnin watan ɗaya bayan ɗaya yana jan layi, don ba ya goge saƙon banki. Ɗari uku da goma. Ya buga sau shida, ya ba shi dubu ɗaya da ɗari takwas da sittin. Ya sake bugawa. Abin da aka cire ninki biyu ne daidai, ba ƙari ba ragi. Ya koma watan baya ya ƙirga, nan ma ninki. Ko da a ce bankin ba daga ɗaya ga wata yake fara lissafinsa ba, bambancin kwana biyu uku ba zai haifi ninki ba.

Ranar bai sayar da komai cikin daɗin rai ba. Duk wanda ya shigo sai ya nuna masa kwalin. Ya ce shekara nawa ke nan suna yankarsa yana barci. Ya ce ma'aikatan banki masu ɗaure wuya da suke zaune cikin sanyi sun fi ɗan sane na tasha iya sata, don shi ɗan sane aƙalla yana gudu. A gida ya hana Bara'atu sakat, har ta ce masa in dai dubu biyu ce ta yafe masa kuɗin cefanen gobe ya huta. Ya ce ba kuɗin ba ne, rainin hankalin ne.

Washegari ya bar Bara'atu a shagon, ya sa wankakkiyar shadda, ya tafi banki da kwalinsa a hannu. Ya yi kusan awa a layin masu koke, yana yi wa na gaba da na baya bayani, har ya sami magoya baya. Da layi ya zo kansa, wata matashiyar ma'aikaciya ce a teburin, an rubuta Husaina a ƙirjinta. Ya dire kwalin gabanta.

"Hajiya, lissafi na zo a yi mini. Ni ɗan kasuwa ne, ba a yi mini wayo da lamba."

Ta karɓi lambar asusunsa da katin shaida, ta danna na'ura, ta karanta abin da ya fito.

"Malam Yusha'u, lissafinka daidai ne. Namu ma daidai ne. Lambar waya biyu ce a kan asusun nan. Duk kuɗin da ya shiga ko ya fita, saƙo biyu ake turawa, kowane naira shida."

"Lamba biyu? Waya ɗaya gare ni tun da nake."

"Ga ta farko, taka. Ta biyun tana ƙarewa da huɗu, ɗaya, bakwai, tara."

Bai san ta ba. Wa ke haddace lamba yanzu? Nan fa ya ɗaga murya. Ya juya wajen mutanen layi ya ce su zama shaida, an sa lambar ɓarawo a asusunsa, wani yana can yana ganin duk abin da ya shiga, kuma da kuɗinsa ake biya wa ɓarawon kuɗin kallo. Ya ce daga cikin bankin nan aka yi, kuma sai an nuna masa wanda ya yi. Wani dattijo a layi ya ce ai haka suke. Mai gadi ya matso kusa.

Husaina ta mayar da ido kan na'ura. Ta ci gaba da dannawa har ta buɗo hoton takardar da aka cike ranar buɗe asusun, shekara takwas da suka wuce, ta juyo masa da fuskar na'urar.

"Wannan sa hannunka ne?"

Nasa ne, da wannan wutsiyar da yake ja a ƙarshe. Lambobin biyu ma da rubutunsa suke, ɗaya a kan ɗaya. Duk da haka bai sauko ba, don mutum in ya yi nisa a faɗa gaban jama'a, dawowa tana masa wuya. Ya ce zai kira lambar yanzu a gaban kowa a ji ko waye. Ya kwafe ta a wayarsa. Bai kai ga danna kira ba, wayar da kanta ta fito masa da sunan da ya ajiye: Yaya Ladidi.

Sai ranar ta dawo masa gaba ɗaya. A wannan ɗakin ne, ita tana zaune a gefensa da hijabin takaba da ba ta daɗe da fita ba, kuɗin a ƙulle cikin ɗankwali. Shi ne ya roƙi ma'aikacin a ƙara lambarta. Ita ta ce ba sai an yi ba. Shi ya nace, har da dafa ƙirji: "Yaya, duk kwabon da ya shiga shagon nan sai kin gani. Ba zan taɓa ɓoye miki komai ba." Ta yi makarantar yaƙi da jahilci, ta iya karanta lamba, kuma a nan ya koya mata harufan da ke nuna kuɗi sun shiga da waɗanda ke nuna sun fita.

Daga nan tunaninsa ya tsallaka zuwa benci, da jakarta, da 'yar wayar da ke ƙara duk lokacin da tasa ta yi.

"Ka gane mai lambar?" in ji Husaina.

"Na gane."

"Ɓarawon ne?" dattijon nan ya tambaya daga baya, da gaske yake.

Yusha'u bai juya ba. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Ya ce wa Husaina ta yi haƙuri, da muryar da ita kaɗai ta ji. Ta ce ba komai, ta zaro takarda ta miƙa masa.

"In kana so a cire, ka cike wannan ka sa hannu. Daga ranar da aka cire, saƙo ɗaya za a riƙa caji."

Ya ninke takardar ya sa a aljihu ya ce zai dawo. Kwalin sabulun a teburin ya bar shi.

A bakin titi ya tsaya ya rasa inda zai nufa. Ba maganar ido kaɗai ba ce. Ya tuna shekarar da ta nemi a taimaka da kuɗin jarrabawar 'yarta Nafisat ya ce kaya sun maƙale a Kano, alhali a satin ya biya kuɗin babur. Ya tuna da rufin ɗakinta da ya yi yoyo ya aika da dubu biyar ya ce iyakar abin da ke hannunsa ke nan. Kowace ƙarya da ranarta, kuma kowace rana akwai saƙon da ya je wayarta da ragowar kuɗin asusu a ƙasa. Shekara takwas yana biyan naira huɗu, daga baya shida, don a riƙa kai mata shaidar ƙaryarsa har gida. Ita kuwa ko sau ɗaya ba ta canza masa fuska ba.

Ya shiga Keke ya ce Abakpa.

Ya same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa da lalube, tana jin tsakuwa da yatsa. Ta gane sallamarsa.

"Auta? Yau ba sallah ba. Lafiya dai?"

Ya tsuguna nesa kaɗan, kamar yadda yake yi yana yaro in ya yi laifi. Gaisuwar ma ta ƙi fita daidai.

"Yaya, daga banki nake. Ashe lambarki tana nan a kan asusuna."

"Tana nan mana. Ba kai ka sa ba?"

"Saƙo yana zuwa miki?"

"Kullum."

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

"Da ina karantawa," ta ce. "Har nakan ce wa Nafisat yau kawunki ya yi ciniki. Amma tun bara idon ya ƙi, rubutun ya yi mini ƙanana. Kuma ban ba kowa shi karanta mini ba, sirrinka ne. Ƙarar kawai nake ji."

Abin kunya a nan shi ne Yusha'u ya ji sanyi a ransa. Tun bara. Ke nan ba ta ga dubu ɗari shidan ba. Har ya fara gyara zama, yana neman yadda zai juya maganar ta zama labarin ban dariya na banki.

"Ranar da na zo wurinka dai na ƙirga," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Sau goma sha ɗaya ta yi ƙara ina zaune a bencinka. Ina jin mutane suna cewa sun tura, taka ta yi, tawa ta yi."

Sanyin nan ya gudu. Ya sunkuyar da kai yana kallon siminti.

"Me ya sa ba ki ce komai ba?"

"In ce mi? Ka riga ka rantse. In na yi magana na mai da kai maƙaryaci a gaban masu sayen kayanka. Na ce wataƙila akwai abin da ya sha maka kai wanda ban sani ba."

"Babu, Yaya. Firiza nake so in saya."

Bai taɓa jin kalma ta yi masa ƙanƙanta a baki kamar wannan ba. Ta ɗan yi dariya, ba ta mugunta ba.

"To ai firiza ma abin so ne."

Ya zaro waya, ya ce yanzu zai tura dubu tamanin ɗin, a'a, duka ɗari da ashirin, ta riƙe arba'in ɗinta. Ta girgiza kai.

"An biya. Harira maƙwabciyata ta bar mini kwasarta ta adashi, zan riƙa zuba mata a hankali. Alhamis mai zuwa za a yi aikin."

Harira ƙosai take soyawa a bakin layi. Yusha'u ya san ta, ya sha wuce ta ba gaisuwa. Ya ce to zai biya Harira. Ladidi ta ce wannan tsakaninsa da Harira ne, in ta karɓa shi ke nan, amma ita ba za ta aike shi ba.

Da ya motsa, takardar bankin ta yi ƙara a aljihunsa. Kunnen Ladidi ya yi kaifi tun da ido ya tafi.

"Takardar mi ce?"

Ya so ya ce rasit ne. Ƙaryar har ta zo bakinsa, don ta saba hanya. Ya haɗiye ta.

"Ta cire lambarki ce. Kuɗin saƙon ne na ga ya yi yawa, shi ya kai ni bankin."

"Nawa ne?"

"Wajen dubu ɗaya da ɗari takwas a wata, naki."

Ta ajiye farantin. Ta lalubi bakin zanenta ta kwance ƙulli, ta fito da 'yan takardun kuɗi da suka nannaɗe, ta kai su kusa da idon hagu tana rarrabewa, ta ware dubu biyu ta miƙo wajen da take jin numfashinsa.

"Ungo na wannan watan. Kar ka cire, Auta. Ba kuɗinka nake leƙe ba. Da safe in ta yi ƙarar farko na san ka tashi lafiya ka buɗe shago. Ranar da ta yi shiru har azahar, kamar lokacin da ka yi zazzaɓi da damina, sai in tura Nafisat ta wuce ta layinku ta gano mini. Kai ba zuwa kake ba, ba kira kake ba. Ita ce ke gaya mini kana nan."

Yusha'u, wanda bai taɓa barin canjin naira goma a hannun kowa ba, ya kasa ɗaga hannu. Hawaye suka zubo masa, ya gode wa Allah da ba ta gani sosai, sannan ya ji kunyar wannan godiyar ma.

Can a Kurmin Mashi wani ya sayi abu wurin Bara'atu ya tura kuɗi. Wayar aljihunsa ta yi ƙara, ta cikin ɗakin Ladidi ta amsa.

"Ka ji," ta ce, hannunta har yanzu a miƙe da dubu biyun. "Allah shi ƙara kasuwa. Karɓi mana, hannuna ya gaji."